Ƙwayar Tuffa da Ɗurar Ruwan Gishiri: Gargaɗi ga Iyaye

Akwai wata magana da ta shigo mana ta cikin wayoyi, kuma tana neman zama gaskiya a bakin mutane saboda yawan maimaitawa. Wai ƙwayoyin nan baƙaƙe da ke tsakiyar tuffa guba ce mai kisa nan take, wai duk yaron da ya haɗiye ɗaya ko biyu sai an yi maza an sa shi ya amayar da su, in ba haka ba sai dai a yi haƙuri. Saƙon kan zo da hoton tuffa an tsaga ta biyu, an zagaye ƙwayoyin da jan layi, a ƙasa kuma an rubuta cewa don Allah a tura wa 'yan'uwa a ceci rai. Mutum ya gani, tausayi ya kama shi, ya tura. Daga Gumel ya isa Ɗanzomo, daga Ɗanzomo ya kai Sule Tankarkar da Gagarawa, ranar Alhamis kuma a ji ana tattauna shi a bakin kasuwar Maigatari kamar wani hukunci da likitoci suka yanke. Ina rubuta wannan ne da ɓacin rai, domin maganar tana ɗauke da gaskiya 'yar kaɗan da ƙarya mai yawa, kuma abin da take sa iyaye su aikata wa 'ya'yansu ya fi ƙwayar tuffa haɗari nesa ba kusa ba.

Tuffa baƙuwa ce a ƙasarmu, wannan ma yana cikin abin da ya ba jita-jitar gindin zama. Ba ta yi a zafin ƙasar Gumel, itace ne da ke buƙatar sanyi mai tsawo kafin ya yi fure. Asalinta daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen ƙasar Kazakistan, kuma mafi yawan wadda ake sayarwa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, musamman daga Afirka ta Kudu, ta biyo ta Kano kafin ta iso teburin mai kayan marmari a tashar mota. Kakanninmu sun san kanya da magarya da aduwa da goruba da ɗinya, sun san wadda ake haɗiye ƙwallonta da wadda ake tofarwa. Tuffa kuwa babu tsohuwar da za ta ce ta taso ta ga ana cinta a gidansu. Sai da azumi, ko in za a je dubiya asibiti, ko in mai gida ya dawo daga birni da tsaraba, sannan ta shigo gida. Abin da ba a saba da shi ba, duk abin da aka faɗa a kansa sai ya zauna.

To bari mu fara da gaskiyar da ke cikin maganar, domin ba zan ɓoye ta ba. A cikin ƙwayar tuffa akwai wani sinadari da ake kira amigdalin. Shi kansa ba ya kisa, amma idan ya farfashe yana sakin sayanaid, wadda guba ce ta gaske da ke hana ƙwayoyin halittar jiki amfani da iskar da mutum ya shaƙa. Wasu masana biyu 'yan Faransa ne suka fara ware amigdalin a shekarar 1830 daga cikin wani irin almon mai ɗaci, don haka ba sabon sirri ba ne da wani ya tono jiya. Abin da masu tura saƙo ba sa faɗa shi ne yadda Allah Ya tsara ƙwayar. Amigdalin yana zaune a gefe guda, sinadarin da ke farfasa shi yana wani gefen, ba sa haɗuwa sai an murƙushe ƙwayar ta jiƙe. Kamar kanwa ce da tsamiya: kowace tana kwanonta babu abin da ke faruwa, sai an haɗa su cikin ruwa kumfa ke tashi. A kan wannan kuma ga ɓawo mai tauri da santsi wanda ruwan cikin mutum ba ya iya narkarwa. Ƙwayar da aka haɗiye ba a tauna ba, yadda ta shiga haka take fita a bayan gida, yau ko gobe, ba ta saki komai ba. Da ma hikimar halittarta ke nan, dabba ta ci 'ya'yan itace ta kai irin wani wuri ya tsiro.

Saura wadda aka tauna. A nan ne lissafi ke da amfani, kuma abin daɗi shi ne wadda ta jagoranci ɗaya daga cikin sanannun binciken da aka yi kan wannan batu 'yar Nijeriya ce, Islamiyat Bolarinwa, tare da abokan aikinta a Jami'ar Leeds ta Ingila. A binciken da suka wallafa a 2015 sun auna ƙwayoyin tuffa iri 15, suka samu cewa kowane giram ɗaya na ƙwaya yana ɗauke da amigdalin tsakanin miligiram 1 zuwa 4. Miligiram shi ne abin da ake samu in an raba giram ɗaya gida dubu. Amigdalin kuma ba dukkansa ke komawa guba ba, abin da yake iya saki bai wuce kashi 6 cikin ɗari na nauyinsa ba. Idan aka haɗa waɗannan biyu, giram ɗaya na ƙwayar tuffa mafi ƙarfi, an niƙe shi lukui, ba zai ba da sayanaid da ta kai rubu'in miligiram ba.

Yanzu mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce yarinya ce 'yar shekara huɗu, nauyinta kilo 15, babanta ya dawo daga Kano ya miƙa mata tuffa guda, ta zauna a bakin ƙofa ta cinye ta tas har da tsakiyar. Uwar ta fito ta ga babu ko tsinke. Tsakiyar tuffa ɗaki biyar gare ta, kowane ɗaki yakan ɗauki ƙwaya ɗaya ko biyu, don haka da wuya a samu fiye da goma, kuma duka gomar in an ɗora su a ma'auni ba sa kai giram ɗaya. Mu tsananta wa kanmu mu ce sun cika giram ɗin, mu ce irin mai ƙarfin ce, mu ce yarinyar ta tauna kowace ɗaya ta niƙe ta, abin da yaro ba ya yi saboda ɗacinta. Duk da haka abin da ya shiga jikinta bai kai rubu'in miligiram ba. Mafi ƙanƙantar adadin sayanaid da masana suka ce yana iya kashe mutum ta hanyar ci shi ne rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin jiki, wanda ga wannan yarinya ya kama miligiram bakwai da rabi. Abin da ta ci sai an ninka shi sau talatin kafin a zo bakin wannan iyaka. Wato sai an tara ƙwayoyin tuffa talatin, an niƙe su, ta shanye a zama ɗaya. Babban mutum mai kilo 60 kuwa sai na tuffa sama da ɗari.

Wani zai ce to ba mutuwa kaɗai ake tsoro ba, ai akwai ciwo. Haka ne, kuma an yi wannan lissafin ma. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da ma'auni a 2016 na adadin da mutum zai iya ci a lokaci guda ba tare da ana tsammanin wata illa ba, kuma ta sa shi ƙasa ƙwarai don kariya. Ga yaro mai kilo 15 ma'aunin ya kama kashi uku cikin goma na miligiram. Yarinyarmu, da duk tsanantawar da muka yi, ba ta kai nan ba. Dalili kuwa shi ne jikin ɗan Adam ba baƙon sayanaid 'yar kaɗan ba ne. Hanta tana da sinadarin da ke kama ta, ya haɗa ta da wani abu da jiki ke samu daga abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da nama, ya mai da ita wani abu mai sauƙin illa da ke fita ta fitsari. Aikin nan yana gudana a hankali, kuma ba ya gazawa sai an antayo masa guba mai yawa a lokaci ɗaya. Ba ta taruwa a jiki irin yadda dalma ke taruwa, balle a ce ƙwayar bara da ta bana za su haɗu su yi wa mutum illa.

Saboda haka amsar tambayar a fili take. Wanda ya haɗiye ƙwayar tuffa biyu ko biyar bisa kuskure, babba ne ko yaro, ya tauna ko bai tauna ba, babu abin da za a yi masa. A ba shi ruwa ya sha in yana so, a bar shi ya ci gaba da wasansa.

Amma ba haka ake yi ba, kuma a nan ne zuciyata ke tafasa. Uwa ta ji an ce guba, hankalinta ya tashi, maƙwabta su taru, kowa da tasa shawarar. Wannan ta ce a kawo manja, waccan ta ce madara, wani ya ce a dama gishiri a ruwa, wata ta ce a zura masa yatsa a maƙogwaro. Sai a kwantar da yaro lafiyayye a cinya, a danne hannuwansa, a toshe masa hanci, a yi masa ɗura yana kuka yana shure-shure. Iyayena mata, ku saurare ni da kyau: yaron da ke kuka ƙofar numfashinsa a buɗe take. Abin da kuka zuba masa a wannan hali ba lallai ya bi hanyar ciki ba, yana iya faɗawa huhu. Ruwa ma in ya shiga huhu matsala ne, balle mai. Manja ba ya narkewa a can, yana kwanciya ya kumbura wurin, bayan kwana ɗaya ko biyu yaro ya fara zazzaɓi da tari da haki, a kwashe shi zuwa asibiti da ciwon huhu. Sai kuma a ce ai ga shi nan, gubar tuffa ce ta kama shi. Ba ita ba ce, ɗurar ce. Manja ba ya karya sayanaid, madara ma haka, babu littafin likitanci da ya lissafa su cikin makarinta.

Ruwan gishiri ya fi muni. Mutane suna raina gishiri saboda kullum yana cikin miya, amma cokalin cin abinci ɗaya ko biyu na gishiri ya isa ya jefa ƙaramin yaro cikin halin mutuwa. Idan aka ɗura masa bai yi aman ba, ko ya yi kaɗan, sauran yana shiga jini. Gishirin da ya yi yawa a jini yana janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, yaro ya fara ƙishirwa mai tsanani, ya yi laushi, ya fara fizge-fizge, ya suma. Likitoci a ƙasashe da dama sun rubuta labarin yaran da suka mutu ta wannan hanya, alhali abin da suka haɗiya tun farko ba zai kashe su ba. Shi ya sa aka daina koyar da sa mutum amai a matsayin taimakon farko. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2003 ta ce iyaye su daina ajiye maganin sa amai a gida, wanda a da ita da kanta take ba da shawarar a ajiye. Idan maganin da aka yi musamman don wannan aiki an janye shi, ina ga ruwan gishirin da aka dama cikin firgici babu awo?

Kuma ɗabi'ar ba ta tsaya kan tuffa ba. Uwar da ta koyi cewa maganin guba shi ne ɗura da amai, ranar da ɗanta ya sha kananzir daga gorar lemo, abin da za ta yi ke nan. Binciken asibitocin koyarwa da dama a Nijeriya ya nuna kananzir na kan gaba cikin abubuwan da ke kai yara asibiti da sunan guba, manja kuma shi ne abin da aka fi ba su a gida kafin a kawo su. Kananzir kuwa illarsa mafi girma a huhu take, amai shi ne hanyar da yake bi ya isa can. Duk wanda ya tura saƙon da ke cewa a sa yaro amai, ya sani yana koyar da abin da ke iya kashe ɗan wani, ko da niyyarsa alheri ce. Addininmu ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi don kada mu cutar da mutane cikin jahilci, kuma danna waya bai fitar da kowa daga wannan umarni ba.

Haɗarin gaske da ke tattare da tuffa ga ƙaramin yaro ba a cikinsa yake ba, a maƙogwaronsa yake. Yaron da bai kai shekara huɗu ba bai iya tauna abu mai tauri sosai ba, ga shi yana ci yana gudu yana dariya. Gutsuren tuffa ɗanya na iya toshe masa hanyar numfashi, ƙwayarta kuma, kamar ƙwayar gyaɗa, tana iya zamewa ta faɗa bututun huhu. Alamar ba ta ɓuya: yana cikin ci sai tari ya sarƙe shi farat ɗaya, ko numfashinsa ya riƙa fito, ko ya kasa kuka leɓɓansa su canja launi. In yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin, shi ne mafi ingancin hanyar fitar da abin. In ya kasa numfashi ko kuka, a kifa shi kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu da ƙarfi har sau biyar, ana yi ana neman abin hawa. Kada a zura yatsa ana lalube, hakan kan ƙara tura abin ciki. In tarin ya lafa amma ya ƙi ƙarewa bayan kwanaki, ko zazzaɓi ya biyo baya, a kai shi Babban Asibitin Gumel a gaya wa likita cewa abin ya fara ne lokacin da yake cin abu kaza, domin wannan bayani ne zai sa a yi tunanin wani abu ya maƙale, a tura shi inda ake da na'urar ciro shi, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Rigakafin duk wannan ba ya cin kuɗi: a fere, a cire tsakiyar, a yanka siri-siri ko a goge ta a magogi, a zaunar da yaro ya ci.

Akwai kuma ɗaya fuskar wannan ɓarna, wadda ta fi ta farko duhu domin akwai neman kuɗi a cikinta. Yayin da wasu ke cewa ƙwaya ɗaya na kisa, wasu cewa suke yi ƙwayar tuffa da danginta maganin ciwon daji ne da Turawa ke ɓoyewa, a tara a shanya a daka a riƙa sha. Suna kiransa bitamin B17. Babu bitamin mai wannan suna, wani Ba'amurke ne mai suna Ernst Krebs ƙarami ya laƙaba wa amigdalin sunan don ya samu kasuwa, kuma shi da mahaifinsa suka yayata wani samfurinsa da ake kira letril tun shekarun 1950. An gwada shi gwaji na gaskiya. A 1982 aka wallafa sakamakon binciken da cibiyar Mayo da wasu cibiyoyin ciwon daji na Amurka suka yi a kan marasa lafiya 178. Bai warkar da kowa ba, bai tsayar da ciwon ba, bai tsawaita rai ba, wasu ma sun nuna alamun gubar sayanaid a jininsu. Abin da aka rufe babinsa sama da shekara arba'in da suka wuce shi ne ake dawo mana da shi yau cikin leda da kwalba.

Duk lissafin da na yi a sama na kwantar da hankali, a nan yake juyewa. Na ce sai an tara ƙwaya da yawa an niƙe an sha a lokaci ɗaya, to mai wannan magani abin da yake umartar mara lafiya da shi ke nan daidai. Ya cire ɓawon da ke karewa, ya tara abin da ke warwatse, ya ba wanda jikinsa ya riga ya raunana, wanda ba ya cin abincin kirki balle hantarsa ta samu abin aiki. Mafi yawa ma ba ƙwayar tuffa suke sayarwa ba, ƙwallon wani ɗan itace ne da ake kira afirikot, wanda amigdalin ɗinsa ya ninka na tuffa sau da yawa. Hukumar Turai da na ambata ta ce fiye da ƙananan ƙwallaye uku na afirikot na iya wuce ma'aunin kariya ga babba, ga ƙaramin yaro kuwa ko ɗaya ya yi yawa. Mai ciwon daji a ƙauyukanmu ya riga ya sha wahalar hanya da tsadar magani, ba ya buƙatar wanda zai karɓe kuɗin motarsa zuwa Kano ya ba shi guba. Wanda yake sayar da wannan abu ya ji tsoron Allah ya daina. Su ma masu markaɗa kayan marmari a na'ura, a gida ko don sayarwa, su cire tsakiyar tuffa kafin su jefa, musamman in yara za su sha, domin na'urar tana yin niƙan da haƙori ba ya yi.

In har an yi irin wannan shan da gangan, ko yaro ya samu garin da aka daka ya ɗura wa cikinsa, alamun sayanaid suna zuwa da wuri, cikin mintuna zuwa 'yan awanni: ciwon kai, jiri, amai, numfashi sama-sama, ruɗewa, sannan fizge-fizge da suma. Wannan ba aikin gida ba ne. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a ba shi komai ta baki, a ɗauki ragowar abin da ya sha a tafi da shi asibiti mafi kusa. Maganin sayanaid iskar oksijin ce da allurai na musamman da ake yi ta jijiya, kuma kowane minti yana da daraja.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna tsoron baƙuwar ƙwaya da ke shigowa gida jefi-jefi, alhali sayanaid ta gaske tana cikin gonakinmu, kuma manomanmu sun san ta ko da ba su san sunanta ba. Tambayi duk wani makiyayi tsakanin Ɗanzomo da iyakar Nijar me ya sa ba ya barin shanunsa su faɗa wa gyamro ko ƙaramar dawar da fari ya tsumburar. Zai gaya maka tana kashe dabba, kuma gaskiyarsa. Ganyen dawa sabon tsiro yana ɗauke da ɗan'uwan amigdalin, tumbin saniya kuma yana sakin gubar da sauri, sai a ga dabba tana haki ta faɗi. Amma wannan makiyayin da kansa yana cin tuwon dawa kullum, domin ya san ƙwayar da ta nuna lafiya lau take. Ya fahimci cewa zancen guba zancen wane sashe ne, da wane yawa, da wane lokaci. Rogo mai ɗaci ma haka yake. Kilo ɗaya na ɗanyensa na iya ɗaukar sayanaid ta ɗaruruwan miligiram, shi ya sa sai an fere, an jiƙa kwanaki, an shanya ko an soya kafin ya ciwu. A 2017 a gundumar Kasese ta Uganda mutum 98 suka kwanta, biyu suka rasu, bayan cin garin rogon da ba a sarrafa shi yadda ya kamata ba. A lokacin tsadar abinci, lokacin da ake sayen gari mai arha ba a san inda ya fito ba, ko a tono rogo a dafa cikin gaggawa, wannan ne abin da ya cancanci a yi ta tura wa 'yan'uwa. Rogon da aka dafa aka ji yana ɗaci a zubar da shi, kada a ce yara su daure su ci.

Ga kuma ƙwayoyin da ke bakin shingenmu. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da ɗanɗano mai kama da gyaɗa, yara na ci, kaɗan daga ciki ke sa amai da gudawa mai tsanani. 'Ya'yan zurma da na idon zakara in an tauna suna iya kisa. Zaƙami kuwa kowa ya san yadda yake juya hankali. Waɗannan su ne ya kamata uwa ta kama hannun ɗanta ta kai shi gabansu ta nuna masa ta ce kada ka taɓa. In ya riga ya ci ɗaya daga cikinsu, a tsinko reshen ko 'ya'yan a tafi da su asibiti tare da shi don ma'aikacin lafiya ya ga abin da ido, kuma a wannan hali ma babu ɗura, babu gishiri, babu yatsa a maƙogwaro.

Ina kira ga malaman makaranta da limamai da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na ƙasar Gumel, waɗanda ake kawo wa irin wannan tambaya: ku amsa ta kai tsaye, kada ku ce wa uwa a dai yi hattara ku bar ta cikin ruɗu, domin ruɗun ne ke kai ta ga kwalbar manja. Ku gaya mata ƙwayar da ɗanta ya haɗiya za ta fita da kanta. Kai kuma ɗan'uwa da saƙon ya shigo wayarka, kada ka tura shi gaba. Ka koma wurin wanda ya turo maka, ko yayanka ne ko surukinka, ka gaya masa cikin ladabi cewa sashen da ya ce a sa yaro amai kuskure ne mai haɗari, ka roƙe shi ya bi duk waɗanda ya tura wa ya janye maganar.